Rahoton mara lafiyar da maganin taɓin hankali ya sandarar: izini da ɓoye suna

Tambaya: Wani matashi ya sandare da zazzaɓi mai zafi bayan allurar halofiridol, ya warke, ina son buga rahotonsa a mujallar likitoci. Cire sunansa kawai ya isa?

Amsa: Bai isa ba, domin ciwon ba kasafai ake ganinsa ba, saboda haka shekarunsa da sana'arsa da ranar kwantar da shi za su iya tona shi ga duk wanda ya san ɗakin jinyar. Ka rubuta "matashi ɗan shekara ashirin da wani abu", ka mayar da kwanakin wata zuwa rana ta 1, rana ta 4, kana ƙirgawa daga allurar farko. Amma kada ka taɓa alƙaluman jinya: yawan maganin, zafin jiki, hauhawar sinadarin da ke nuna lalacewar tsoka, da ranar dakatar da maganin, domin da su ne mai karatu zai bambance ciwon da sanƙarau.

Izini kuwa a rubuce ake karɓarsa daga shi kansa, bayan hankalinsa ya dawo, ba lokacin da yake cikin ruɗewa ba, kuma takardar amincewa da jinya ba ta wadatar. Ka ba shi rubutun ya karanta, ka shaida masa cewa abin da aka buga ba ya janyuwa, kuma ƙin yarda ba zai shafi jinyarsa ba.