Hukuncin cike gurbi da hasashe a aikin da bayaninsa bai cika ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikacin sito ne. Shugabana ya ce in haɗa rahoton kayan da suka fita a wata, in miƙa ranar Alhamis. Da na zauna sai na tarar babu takardun kwana uku cikin kwana 26 na aiki. Ya yi tafiya, wayarsa kuma ba ta shiga. Abokin aikina ya ce in duba abin da aka saba fitarwa a rana in rubuta, babu mai ganewa. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abin da abokinka ya ba ka shawara bai halatta ba. Amma hakan ba ya nufin ka naɗe hannu har shugaba ya dawo.

Giɓin da ake samu a aiki iri biyu ne. Akwai wanda ya shafi yadda za a yi aikin, kamar a ce ba a faɗa maka tsarin da za ka jera kayan ba. Wannan al'adar wurin aiki ce take cike shi, domin ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce abin da aka saba da shi tamkar sharaɗi ne da aka gindaya. In ka yi iya ƙoƙarinka wajen fahimtar manufar mai umarni, babu laifi a kanka. Sahabbai sun saɓa a kan umarnin kada kowa ya yi La'asar sai a Banu Ƙuraiza, wasu suka yi a hanya, wasu suka jinkirta, Annabi (SAW) bai zargi kowa ba, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Yawan tambaya a irin wannan wuri ma takura kai ne, irin wanda Banu Isra'ila suka yi a kan saniyar da aka umarce su da yankawa.

Naka ba irin wannan ba ne. Abin da ya ɓace maka labarin abin da ya faru ne, shi kuwa al'ada ba ta ƙirƙiro shi. Lambar da ka rubuta ka sa hannu shaida ce ka bayar. Allah Yana cewa a Suratul Isra'i, aya ta 36, kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa. Muslim kuma ya ruwaito cewa wanda ya yi algus ba ya tare da mu.

Bari in kwatanta maka. A ce an shiga wata da kwali 400, an kawo 900, takardun da ke hannunka sun nuna fitar 1,020. A lissafi saura 280. Ka shiga sito ka ƙirga, ka tarar da 150. Ke nan kwali 130 sun fita ba takarda. Wannan adadin ka san shi, ka rubuta shi kai tsaye. Abin da ba ka sani ba shi ne wa ya karɓa, yaushe, kuma da izinin wa. In ka raba 130 ɗin a kan kwana ukun kamar an fitar da su bisa ƙa'ida, wataƙila ka lulluɓe sata da alƙalaminka, ko ka ɗora bashi a kan wanda bai karɓi komai ba. Sau da yawa ma takarda ba ta ɓacewa haka kawai.

Kintace kansa ba haramun ba ne. Annabi (SAW) ya kasance yana aika Abdullahi bin Rawaha ya kintaci dabinon Khaibar tun yana kan bishiya. Sai dai kowa ya san kintace ne. Don haka in ana buƙatar ƙiyasi, ka ware shi daban, ka rubuta cewa ƙiyasi ne, da abin da ka dogara a kansa.

Tun yau ka tura wa shugaban saƙo a rubuce ko da bai amsa ba, ka sanar da mataimakinsa, ka nemi kwafin takardun wajen direbobi ko mai gadin ƙofa. In Alhamis ta yi ba a samu ba, ka miƙa na kwana 23 cikakke, ka bar ukun a buɗe da bayanin dalili.

Ma'aikaci amintacce ne a shari'a, ba ya biyan asara sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci, albashinsa kuma yana nan tunda ya ba da lokacinsa. Amma yin shiru har wa'adi ya cika, alhali ka ga giɓin tun farko, zai iya zama sakaci. In kuma takardun a hannunka suka salwanta, wajibi ne ka faɗi hakan a cikin saƙon.

Allah ne Mafi sani.