Hasashen ɗorewar kamfani: yaushe ake shakkarsa?

"Me ke sa a yi shakkar ɗorewar kamfani, kuma me hakan ke sauyawa a rahoton kuɗi?"

Malam, ana shirya rahoto ne bisa zaton kamfani zai ci gaba da aiki aƙalla wata 12 bayan rufe shekara. Alamar da ta fi tayar da hankali ita ce bashin da wa'adinsa ya matso ya fi kuɗin hannu: a ce ana bin kamfani miliyan 50 nan da wata shida, yana da miliyan 8, banki kuma ya ƙi sabunta rancen.

Idan akwai sahihiyar mafita, a ci gaba da shirya rahoton kamar da, amma dole a bayyana shakkar ƙarara. Idan rufewa ta zama tilas, yawanci injin da aka rubuta darajarsa a littafin asusu a miliyan 30 sai a rubuta shi a kan abin da zai kawo in an sayar, ko da miliyan 11 ne.