Shafin ya ƙi karɓar dosiyena, me ya hana?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Daga Damagaram nake rubuto maka. Ina ajiye dosiyen neman gurbin karatu ta intanet, a wani siber na Sabon Gari. In na ɗora takardar haihuwa sai ya rubuta `Format de fichier non autorisé`, alhali sunan fayil ɗin yana ƙarewa da `.pdf`. Wurin ranar haihuwa kuma yana cewa `Date invalide`. Mai siber ya ce matsalar reso ce, in buɗe sabon asusu. In buɗe? Ranar rufewa ta matso.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kar ka buɗe sabon asusu. Yawancin irin waɗannan shafuka suna ɗaure mutum ɗaya da lamba ɗaya, ta waya ko ta jarrabawa, kuma in suka ga dosiye biyu da suna ɗaya za su iya toshe na biyun, ko ma'aikaci ya jingine su duka sai an bincika. Reso kuma ba shi da laifi a nan. Da shi ne, da ka ga shafin yana ta juyawa har ya katse. Tunda shafin ya kama sunan abin da bai yi masa ba, to an duba abin da ka sa ne, an maido maka.

Ka san cewa a wannan mataki ba mutum ne ke duba takardunka ba. Na'ura ce da aka bai wa ƙa'idoji: wannan gurbi lambobi takwas, wancan kwanan wata, fayil kar ya wuce nauyi kaza. Ba ta karanta abin da ke cikin takardar haihuwarka, siffarta kawai take aunawa. Shi ya sa lokacin da jan rubutu ya fito yake nuna inda cutar take. In ya fito tun kana cike gurbi, siffar rubutun ce. In sai da ka ɗora fayil, to irinsa ne ko nauyinsa ko sunansa. In kuwa sai a ƙarshe, bayan ka danna `Valider`, galibi abin da ka rubuta ne bai yi daidai da abin da ke rumbunsu ba.

Mu fara da fayil, don nan na fi zargi. Abin da ake yi a siber da yawa shi ne a ɗauki hoton takarda da waya, a tura kwamfuta, a goge `.jpg` a rubuta `.pdf`. Wannan kamar liƙa takardar suga ne a kan buhun gishiri. Shafin da aka gina da kyau ba ya tsayawa a suna, yana leƙa haruffan farko na cikin fayil. Kai ma za ka iya leƙawa: buɗe fayil ɗin da `Bloc-notes`. Na gaskiya yana farawa da `%PDF-`. In ka ga tarkacen alamu da kalmar `JFIF` ko `Exif` a layin farko, hoto ne aka sake wa suna. Akwai kuma wani tarkon: `Windows` yakan ɓoye ƙarshen suna, sai ka ga `acte.pdf` alhali cikakken sunan `acte.pdf.jpg` ne.

Gyaran ba shi da wuya. Maido wa hoton `.jpg` ɗinsa, buɗe shi a kwamfuta, danna `Imprimer`, a wurin zaɓen firinta ka zaɓi `Microsoft Print to PDF`, ka adana. A wayar `Android` ma hanyar ke nan, sai dai zaɓin sunansa `Enregistrer au format PDF`. Sannan ka ba shi suna gajere, ba tazara, ba wasali mai alama a ka, ba ƙugiya:

```
acte_naissance.pdf
```

Da ka warware wannan, wataƙila ka ci karo da nauyi, don haka gara ka shirya tun yanzu. Duba kusa da maɓallin ɗorawa, yawanci an rubuta iyaka, misali `2 Mo max`. Hoton wayar zamani ɗaya yakan kai mega 3 zuwa 5. Takarda `A4` da aka yi wa sikan a `300 dpi` tana da ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, wato kusan miliyan 8.7. In aka sauko `150 dpi` sai ɗigon ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ka ce wa mai siber ya yi `150 dpi`, a `Niveaux de gris`, sai fa in an ce dole da launi. Shafi ɗaya a haka galibi ba ya kai rabin mega. Amma ka buɗe ka duba da idonka kafin ka ɗora: hatimi da sa hannu da lambar takardar su karantu. Na'ura za ta karɓi fayil mai dishi-dishi da murna, ma'aikacin da zai duba daga baya ne zai watsar da shi, kuma shi ba zai nuna maka jan rubutu ba.

Sai ranar haihuwa. Shafukanmu suna son `JJ/MM/AAAA`: rana lamba biyu, wata lamba biyu, shekara huɗu. Wanda aka haifa 5 ga Maris 2001 zai rubuta `05/03/2001`, ba `5/3/01` ba. To amma kwamfutocin da ake shigowa da su ta Kano da yawa suna kan tsarin Amurka, inda wata ke gaban rana. Dubi gurbin tun yana fanko. In ka ga `mm/dd/yyyy`, to wanda ya sa `25/03/2001` za a ƙi shi, don babu wata na 25. Wannan ma ya yi sa'a. Mai `05/03/2001` za a karɓe shi shiru, a rubuta masa 3 ga Mayu, sai ranar da aka haɗa da takardarsa a ce ba shi ba ne. In akwai ƙaramar kalanda a gefen gurbin, zaɓi ranar daga cikinta maimakon bugawa da hannu.

In kuma takardarka irin mai `né vers 2001` ce, ba rana ba wata, kar ka ƙirƙiro. Wasu ofisoshi suna sa `01/01`, wasu `31/12`. Ka bi abin da ke kan katinka na ɗan ƙasa ko takardar sakamakon jarrabawarka, in sun saɓa kuma ka tambayi masu karɓar dosiyen wanne suke bi.

Kafin ka danna `Valider`, ɗauki takardar sakamakon ka kwafe sunanka harafi bayan harafi. In an rubuta `Issoufou`, kar ka sa `Youssouf` don haka ake kiranka a gida. Ƙ da ɗ da alamar ɗauri ka bar su, sai in suna kan takardar. Lambar waya takwas ce a jere ba tazara, kuma in shafin ya riga ya sa `+227` kar ka maimaita. Abin da ka kwafo daga `WhatsApp` yakan zo da tazara a ƙarshe wadda ido ba ya gani, goge ka buga da hannu.

In ka yi duk wannan, ya ce suna ko lamba ba su dace ba, to kuskuren yana cikin rumbunsu, kuma ba abin da za ka iya gyarawa daga siber. Ɗauki hoton allon da saƙon a jiki, rubuta rana da sa'a, ka haɗa da fotokopin takardunka ka kai ofishin da ke kula da dosiyen, ko ka aika ta adireshin taimako da ke ƙasan shafin. Ka yi haka kafin ranar rufewa, don hoton ne shaidarka cewa ka gwada a kan lokaci.