Amsa: Yadda za a sa masu ba da aiki su neme ka a LinkedIn

"Wata shida ke nan da buɗe LinkedIn, ina fassara tsakanin Turanci da Hausa, amma babu wanda ya taɓa tuntuɓata da aiki. Ina matsalar take?"

Malam, fara da gyara layin da ke ƙarƙashin sunanka, wato Headline. Masu neman mai fassara kalmomi suke rubutawa a wurin bincike, kuma wannan layin ne ke fitowa tare da hotonka. Idan "Freelancer" kawai ka sa, ka ɓace cikin dubbai. Rubuta shi da harshen masu biyan kuɗin, ka faɗi fanninka, misali "English to Hausa Translator, Health and Agriculture". Sannan ka je sashen Featured ka ɗora samfurin aikinka guda biyu, amma ban da takardar da mai ita bai yarda a nuna ba.

Sai rubutu, sau biyu a mako ya isa, muddin ba ka daina ba. Ni na daɗe ina rubuta "ina neman aiki", 'yan'uwana masu fassara ne kaɗai ke dannawa. Ranar da na bayyana yadda kalmar "zazzaɓi" ita kaɗai ke rikita saƙon maleriya, saboda mai karatu ba zai bambanta shi da taifod ba sai an ce "zazzaɓin cizon sauro", wata jami'ar shirin lafiya ta turo mini saƙo. Ka riƙa duba waɗanda suka leƙa shafinka. In duk abokan sana'a ne, to su kake yi wa magana, sai ka karkata rubutun zuwa kurakuran da ke jawo wa mai ba da aiki asara.