Yadda ake saka yabon kwastoma a sitatus ba tare da ya zama cika baki ba

Tambaya: Ina ɗinkin kayan mata a gida. Wata kwastomata ta turo min dogon saƙo a WhatsApp tana yaba ɗinkin da na yi mata na biki. Ina so in saka a sitatus, amma ina jin nauyi kar a ce yabon kai nake. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, fara neman izininta tukuna. Ki tambaye ta ko ta yarda sunanta ya fito ko kuwa a ɓoye. Idan hoton saƙon za ki ɗauka, ki shafe lambarta da hoton fuskarta, musamman in matar aure ce. Saƙon murya kuwa kada ki tura shi yadda yake sai ta amince. Rubuta abin da ta faɗa ya wadatar.

Daga nan sai zaɓe, kuma a nan yawanci ake kuskure. A dogon saƙo, hannu yakan tafi kan jimlar da ta fi daɗi, irin su "wallahi ke ta daban ce". Wannan ba ta sayar da kaya, domin duk mai sana'a yana da irinta, kuma ke take yabo, ba aikin ba. Nemi wurin da ta ambaci wani abu takamaimai: ranar da ta karɓi kayan, yadda rigar ta zauna mata, ko abin da take tsoro da bai faru ba. Mai kai wa tela ɗinki abu biyu ke damunta, saɓa alkawari da ɓata yadi. Jimlar da ta taɓa ɗayansu ita za ki ɗauka, ko da ba ta da armashi.

Misali, a ce ta rubuta cewa ta kawo leshi saura kwana 5 biki, ta karɓa ana gobe kamu, kuma ba a sake rage ko'ina ba. Sai ki tsara shi haka: layin farko ki faɗi halin da ake ciki, "Leshi yadi 5, saura kwana 5 biki." Ƙarƙashinsa maganarta, yadda ta rubuta. Sannan layinki: "Mun gode Hajiya, Allah ya bar zumunci. Mai ɗinkin biki ta kawo da saura mako 2." Hoton rigar ya biyo baya.

Kin ga naki kalaman ba su wuce layi biyu ba, kuma babu sifa ko ɗaya da kika ba kanki. Da zarar kin ƙara "ba mu da na biyu" ko habaici ga wasu teloli, mai karatu zai daina jin muryar kwastoma, ya koma jin taki. Kada kuma ki gyara mata Hausa ko ki ƙara gishiri. Saƙon da ya cika tsafta kama yake da wanda aka ƙirƙira, ita ma za ta gani a sitatus ɗin.

Ɗaya ko biyu a mako ya isa. In kika jera goma a rana guda, wucewa kawai za a riƙa yi.