Yadda ake karanta zanen akwati don kwatanta makin aji biyu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar lissafi ce a wata sakandare a Tudun Wada, Kaduna. An turo mini hoton zanen akwati na makin SS2A da SS2B. Layin tsakiyarsu kusan ɗaya ne, amma akwatin B ya fi tsawo, kuma akwai wani ɗigo shi kaɗai a gefen A. Me hakan ke nufi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara duba ma'aunin makin da ke ƙasan zanen, ki tabbatar akwatunan biyu a kan ma'auni ɗaya suke. In an ɗauki hoton a karkace, tsawonsu zai yaudari ido, don haka ki ɗora rula daga gefen kowane akwati zuwa ma'aunin ki karanta lambar.

Layin da ke cikin akwati shi ne makin tsakiya: rabin ɗalibai na sama da shi, rabi na ƙasa. Gefunan akwatin su ne Q1, makin da kashi ɗaya bisa huɗu na ɗalibai ke ƙasa da shi, da Q3, makin da kashi uku bisa huɗu ke ƙasa da shi, kuma tsakaninsu ne rabin ajin yake. A ajin mutum 40, wajen 20 ke nan. Tsawon akwati ba ya nuna yawan ɗalibai, nisan da ke tsakanin makinsu yake nunawa, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure.

A ce a A kin karanta Q1 52, tsakiya 60, Q3 66. A B kuma 42, 61, 76. Ki cire Q1 daga Q3, abin da ake kira IQR ke nan: A ya ba da 14, B ya ba da 34. Wato 'yan A kansu ɗaya, su kuwa 'yan B akwai tazara babba tsakanin masu ƙoƙari da na baya, ko da yake makin tsakiyarsu ya yi kusa.

Ɗigon nan maki ne da ya zama saniyar ware. Ga ƙa'idar da aka fi bi, wato duk makin da ya faɗo ƙasa da iyaka ta farko ko ya haura ta biyu shi ne saniyar ware:

```
Q1 − 1.5 × IQR
Q3 + 1.5 × IQR
```

A ajin A, 1.5 sau 14 ya ba da 21, iyakokin sun zama 31 da 87. Ɗalibin da ya ci 28 ya faɗo ƙasa da 31, shi ya sa aka zana shi daban. A B kuwa iyakar ƙasa ta sauka har ƙasa da sifili, saboda haka mai 25 ma ba zai fito a ɗigo ba, alhali makinsa bai kai 28 ba. Kowane aji da nasa ma'aunin warewar.

Wasu zanukan sukan ja layin gefe har zuwa mafi ƙarancin maki da mafi yawa ba tare da ɗigo ba. A irinsu sai kin yi wannan lissafin da kanki. Shi kuma mai 28 ɗin nan, kada ki goge shi. Ki ɗauko takardarsa ki duba ko an yi kuskuren tara maki ne, ko 82 aka rubuta a juye, ko kuwa yaron ne ke buƙatar a zauna da shi.