Batir da fenti a cikin kayan da za a aika gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin gyaran gidaje a ƙasar da nake zaune, na tara kaya zan aika gida: injin huda bango da baturansa biyu, fawa-banki goma, babban batirin sola guda ɗaya, da gwangwani huɗu na fentin mai, kowane lita biyu da rabi. Ejan ɗin da ke aika mana kaya ya ce ba zai karɓi batura da fentin ba, wai kaya masu haɗari ne. Wani abokina ya ce in naɗe su cikin tufafi, in rubuta kayan sawa ne kawai. In bi shawararsa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka bi shawarar nan. Ejan ɗinka bai yi maka rowa ba, kuma kayanka suna da hanyar da za su bi su isa gida lafiya, sai dai kowane da tasa hanyar. Abin da zai nuna maka hanyar shi ne lambar da aka ba kowane kaya, mai farawa da UN da alƙaluma huɗu.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta kasa kaya masu haɗari rukuni tara, kuma dokokin jirgin sama da na ruwa da na mota duk a kan wannan rabon suka ginu. Kowane rukuni yana da tambarinsa, murabba'i ne da aka tsayar a kan kusurwarsa ɗaya, da lambar rukunin a ƙasa. Na 1 abubuwa masu fashewa ne, na 2 iskar gas, na 3 ruwa mai kamawa da wuta, na 8 abin da ke cin fata da ƙarfe, na 9 kuma shi ya tattara haɗurran da ba su shiga sauran ba. Biyu ne suka shafe ka. Fentinka yana rukuni na 3, tambarinsa ja ne da hoton harshen wuta. Baturanka na litiyam suna rukuni na 9, tambarinsu fari ne mai baƙaƙen layuka a tsaye a rabinsa na sama, da hoton batura a ƙasa. Tambarin nan shi ke sa ma'aikacin tashar jirgi ya ajiye kwalin nesa da zafi da nesa da sinadaran da ke rura wuta, shi ke sa a sanar da matuƙi abin da ya ɗauko, kuma shi mai kashe gobara zai fara dubawa kafin ya matso. Idan ka rubuta kayan sawa, duk waɗannan mutanen ka rufe wa ido.

Mu fara da batir, don shi ne mafi wuya. A cikin kowane ƙwayar batirin litiyam akwai wani shamaki siriri sosai da ya raba ɓangarorinsa biyu, kuma ruwan da ke cikinsa mai kamawa da wuta ne. Idan aka danne batirin, ko ƙusa ta huda shi, ko wani ƙarfe ya haɗa bakinsa biyu, sai ya fara zafi. Zafin ya narkar da shamakin, narkewar ta ƙara zafin, daga nan ba ya tsayawa da kansa. Ƙwaya ɗaya ta kunna ta kusa da ita, ita ma ta kunna ta gaba. Iskar kashe wuta da ke ɗakin kaya na jirgin sama tana iya danne harshen wuta, amma ba ta sanyaya batirin, don haka wutar na iya sake tashi. A ranar 3 ga Satumba 2010 wani jirgin dakon kaya ƙirar Boeing 747 ya faɗi kusa da Dubai bayan gobara ta tashi a cikin kayan da ya ɗauko, waɗanda suka haɗa da baturan litiyam masu yawa, matuƙansa biyu suka rasu. Irin wannan ne ya sa daga watan Afrilu 2016 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta hana loda baturan litiyam da ke su kaɗai a matsayin kaya a jirgin fasinja. Ta sama, a jirgin dakon kaya kawai ake ɗaukarsu, kuma cajinsu kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari, saboda batirin da ya cika maƙil ya fi saurin kamawa, wutarsa kuma ta fi ƙarfi.

Yanzu ɗauko baturanka ka juya su ka karanta rubutun jikinsu. Abin da kake nema shi ne Wh, wato yawan ƙarfin da batirin ya adana. In ba a rubuta ba, ka ninka V da Ah. Iyakar da ta raba ƙaramin batir da babba ita ce 100 Wh. A ce na injin hudarka 18 V ne da 5 Ah, kowane ya zama 90 Wh, yana ƙasa da iyaka ke nan. Da 6 Ah ne, da ya kai 108 Wh, ya tsallake, kuma takardunsa da kwalinsa sun canza. Ka ga ɗan bambancin da ido ba zai gani ba. Tun da baturan suna tare da injin da suke yi wa aiki, lambarsu UN 3481 ce, kuma sharuɗɗanta sun fi sauƙi: kwali mai ƙarfi, a rufe bakin kowane batir da salatif ko murfinsa, a tokare su yadda ba za su yi yawo ba, a tabbatar injin ba zai kunna kansa ba, sannan a manna alamar batirin litiyam mai jan gefe da lambar a jikinta.

Fawa-banki kuwa mutane da yawa suna ɗaukarsa kamar na'ura, alhali a doka batir ne tsagwaronsa, lambarsa UN 3480. Mai 20,000 mAh, wato 20 Ah, a kan 3.7 V yana ba da 74 Wh. Ƙarami ne, amma tun da shi kaɗai yake, haramcin jirgin fasinja ya hau kansa. In kai ne za ka yi tafiyar, wanda kake amfani da shi a jakar hannu zai zauna, ba a akwatin da ake jefawa ƙasan jirgi ba, domin idan ya fara hayaƙi a gaban mutane za a gani a zuba masa ruwa. Goma dai sun wuce na amfanin kai, kamfanonin jirage kuma suna ƙayyade adadin da fasinja zai riƙe.

Batirin solarka shi ne babba. In irin mai 12.8 V da 100 Ah ne, ƙarfinsa 1,280 Wh, ya ninka iyakar sau goma sha biyu da ɗoriya. Wannan sai da cikakken tambarin rukuni na 9, da kwali ko akwatin da aka gwada aka buga masa hatimin UN, da takardar bayyana kaya masu haɗari wadda mai horo a kan aikin zai cike ya sa hannu. Za a kuma nemi takardar gwajin da ake kira UN 38.3, wadda ke nuna cewa irin batirin ya jure jijjiga da zafi da sanyi da ƙarancin iska. Wurin wanda ya sayar maka ko kamfanin da ya ƙera shi za ka same ta. Ni a ganina jirgin ruwa ne hanyarsa, shi da fawa-bankin gaba ɗaya. Idan kuwa ka duba ka ga na dalma ne mai ruwan asid, to ya koma rukuni na 8, lambarsa UN 2794, haɗarinsa zubar asid ne, kuma dole ya yi tafiyarsa a tsaye.

Kafin ka naɗe ko ɗaya, duba lafiyarsa. Batirin da ya kumbura, ko ya lotsa, ko yake ɗumi alhali ba a caji, ko yake fitar da wani wari mai zaƙi-zaƙi, ya riga ya lalace daga ciki. Irin wannan an hana shi hawa jirgin sama kwata-kwata. Kai shi wurin da ake karɓar tsofaffin batura, kada ka ce a gida za a gyara.

Shi fenti lamarinsa ya fi sauƙin ganewa. Abin da ke kamawa shi ne tururin sinadarin da aka dama shi da shi, wanda kake jin warinsa yana hawa maka kai in kana aiki a ɗaki rufe. Kowane irin ruwa yana da matakin zafin da zai kai ya fara fitar da tururin da tartsatsi ɗaya zai kunna. Idan matakin digiri 60 ne na Salshiyas ko ƙasa da haka, ruwan ya shiga rukuni na 3. Fentin mai da tina duka lambarsu UN 1263, amma tina da fenti mai saurin bushewa sukan kama a ƙasa da digiri 23, wato ko a ɗaki mai sanyi tururinsu a shirye yake. Ka tuna kwantena ƙarfe ce a rufe da ke yin makonni a rana. A jirgin sama kuma matsin iska yana raguwa idan an yi sama, iskar da ke cikin gwangwanin ta tura murfin, musamman wanda aka taɓa buɗewa aka mayar da guduma. Fentin ruwa na bango galibi ba ya cikin wannan dokar. Na fesawa kuwa yana rukuni na 2 ne, UN 1950, saboda gas ɗin da aka matse a ciki.

Ba sai ka yi hasashe ba. Nemi takardar bayanin sinadarin da ake kira SDS daga mai sayarwa ko shafin kamfanin, ka tafi kai tsaye sashe na 14. Nan za ka ga lambar UN da rukuni, ko ka ga an ce dokar sufuri ba ta shafe shi ba. Gwangwanayenka huɗu sun dace da wani rangwame da ake yi wa ƙananan kaya a jirgin ruwa da mota: ga fenti irin na yau da kullum, kowane gwangwani kada ya wuce lita 5, kwalin gaba ɗaya kada ya wuce kilo 30. Lita goma naka za su shiga kwali ɗaya, a tsaye, murafu a ɗaure da maƙali, da abin tsotse ruwa a tsakani, a manna alamar da sama da ƙasanta baƙi ne tsakiyarta fari, da kibiyoyin da ke nuna sama. Rangwamen bai ɗauke maka bayyana su a takarda ba. Amma gaskiya, in ba wani fenti ne na musamman da ba a samu a gida ba, kuɗin takardu da na dako zai iya fin darajarsa. Gwamma ka sayar da shi a nan ka aika kuɗin.

Akwai kuma abin da ya shafe ka kai kanka a matsayin baƙo a ƙasar mutane. Sunan da ke kan takardar aikawa shi doka ke kamawa, ba na abokin da ya ba da shawara ba. Ana haska kaya da na'ura, batir kuma ba ya ɓuya a cikin tufafi. Idan aka gano, za a iya tsare kayan, a ci tara, a wasu ƙasashen har a kai mutum kotu, kuma laifin da ya shiga kundi yana iya biyo ka ranar sabunta takardar zama. In kwantenar haɗaka ce, kayan 'yan'uwanka ma za su maƙale a tasha saboda kwalinka.

Abin da za ka yi a makon nan shi ne ka ɗauki hoton rubutun da ke jikin kowane batir, ka samo UN 38.3 na batirin solar da na fawa-bankin, da SDS na fentin in har za ka aika shi. Ka bar wa ejan ɗinka tufafi da sauran kayan da ya saba ɗauka. Sauran kuma ka nemi kamfanin da ke da izinin dakon kaya masu haɗari, ka aika masa lambobin nan uku, UN 3480 da UN 3481 da UN 1263, da nauyin kowane da ƙarfinsa, ka ce ya ba ka farashin jirgin ruwa a rubuce, har da kuɗin kwali da na cike takarda.